Wa Ya San Sunan Sabulun? Hanyoyi Biyu na Auna Tasirin Talla

Duk kamfanin da ya zuba kuɗi a kan talla, akwai ranar da mai dukiyar zai kira manajansa ya tambaye shi abin da kuɗin ya haifar. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin manaja ita ce a duba ciniki. Sai dai ciniki ba ya amsa wannan tambaya yadda ya kamata, domin abubuwa da yawa ke ɗaga shi ko su kwantar da shi: farashi, damina, ƙarshen wata, ko kuwa motar kaya da ta lalace a hanya ta hana haja isa kasuwa. Bugu da ƙari, talla da yawa ba a yin ta don a saya gobe da safe. Ana yin ta ne don sunan haja ya zauna a zukatan mutane, ta yadda ranar da uwargida ta aiki yaro kanti, sunan nan ne zai fara zuwa bakinta. Wannan zaman suna a zuciya shi masana harkar kasuwanci ke kira sanuwar sunan haja, kuma shi ne abin da ake son aunawa.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara a yau. Ta farko ita ce a raba mutane gida biyu, a nuna wa gida ɗaya talla a hana ɗayan, sannan a yi wa duka tambaya iri ɗaya a ga tazarar da ke tsakaninsu. Ta biyu ita ce a duba yawan masu rubuta sunan hajar a shafukan neman bayani na intanet, a ga ko yana hawa ko yana sauka. Ta biyun ta fi farin jini saboda kyauta ce, kuma cikin minti biyar ana samun jadawali mai kyan gani da za a nuna wa maigida. Amma araha ba ta ado. Ta farkon ce kaɗai gwaji na kimiyya, kuma duk wanda ya ɗauki ta biyun a matsayin hujja ita kaɗai, to ya shirya yaudarar kansa.

Ɗalibin da ya taɓa shuka wake a gwangwani biyu, ya sa wa ɗaya taki ya bar ɗaya haka nan, ya riga ya san tushen hanya ta farko. Gwangwanin da ba a sa wa taki ba shi ke nuna yadda waken zai kasance da ba a yi komai ba. In babu shi, ba wanda zai iya cewa takin ne ya sa tsiron ya yi tsawo, ko kuwa rana ce da ruwa. Haka abin yake ga talla. A ɗauka, alal misali, wani kamfanin sabulu a Kano ya fito da sabuwar haja, ya sayi gurbin talla ta bidiyo a wayoyin hannu na tsawon mako huɗu. Kafin a fara, na'ura za ta ware wani kaso na mutanen da aka yi niyyar nuna wa tallar, ta ajiye su gefe. Waɗannan su ne rukunin kwatance, kuma ba za su ga tallar ba ko sau ɗaya. Sauran su ne rukunin gwaji. Sharaɗin da komai ya rataya a kansa shi ne rabon ya zama na ƙuri'a, wato ba mutum ne zai zaɓa ba, kuma ba mai wayar ne zai zaɓi inda zai faɗa ba. Idan ƙuri'a ce ta raba, to matasa da tsofaffi, masu hali da talakawa, waɗanda suka taɓa jin sunan da waɗanda ba su taɓa ji ba, duk za su bazu a rukunan biyu kusan daidai wa daida. Abu ɗaya ne zai bambanta su, shi ne tallar.

Bayan an fara talla sai a aika wa wasu daga kowane rukuni gajeriyar tambaya. Yadda aka tsara tambayar yana da tasiri ƙwarai. Ana iya cewa mutum ya lissafo sunayen sabulun wanka da ya sani, ba tare da an ba shi ko da harafin farko ba. Ana kuma iya jera masa sunaye biyar a ce ya nuna waɗanda ya taɓa ji. Ta farkon ta fi wuya, adadinta kuma ya fi ƙanƙanta, amma ita ta fi kama da abin da ke faruwa a bakin kanti. Ta biyun ita manyan shafuka irin su YouTube da Facebook suka fi amfani da ita, domin taɓa allo sau ɗaya ya wadatar. Aibinta shi ne mutane kan ce sun san abin da ba su sani ba, ko don kunya ko don gaggawa. Saboda haka ƙwararrun masu bincike kan cusa sunan ƙarya guda ɗaya cikin jerin, sunan da babu hajarsa a duniya. Idan mutum goma cikin ɗari suka ce sun san shi, an gane ke nan cewa akwai ƙaiƙayi a cikin amsoshin. Abin lura a nan shi ne ƙaiƙayin yana cikin rukunan biyu baki ɗaya, don haka idan aka ɗebe wannan daga wancan sai ya fice.

Yanzu ga lissafin, da alƙaluman da aka ƙirƙira don misali kawai. Mutum 1,000 sun amsa daga rukunin kwatance, 400 daga cikinsu suka ce sun san sabulun, wato kashi 40 cikin ɗari. Wasu 1,000 sun amsa daga rukunin gwaji, 460 suka ce sun san shi, wato kashi 46. Tazarar maki 6 ce, kuma ita ce ƙarin da tallar ta jawo. Manaja mai wayo zai fi son ya ce an sami ƙarin kashi 15 cikin ɗari, domin 6 kashi 15 ne na 40. Bai yi ƙarya ba, amma wanda ke sauraro ya kamata ya tambaya wanne ake nufi, domin maki 6 da kashi 15 abu ɗaya ne aka sanya wa riga biyu.

A nan ne mafi yawan rahotanni ke tsayawa, alhali a nan ne aikin ya fara. Mutum 1,000 ba su ne dukkan jama'a ba. Da za a sake tambayar wasu dubun daban, da an sami 390 ko 415 a maimakon 400. Wannan rawar da adadi ke yi tana da ma'auni, kuma ɗalibin babbar sakandare zai iya lissafa shi da kansa. Idan p1 da p2 su ne kason da suka ce sun sani a kowane rukuni, n1 da n2 kuma yawan waɗanda suka amsa, to iyakar kuskuren tazarar ita ce kimanin:

2 × √[ p1(1 − p1)/n1 + p2(1 − p2)/n2 ]

Idan aka zuba 0.40 da 0.46 da 1,000 a gurabensu, sai a sami 0.044, wato maki 4.4. Ma'anar wannan ita ce ainihin ƙarin yana iya zama ko'ina daga maki 1.6 zuwa maki 10.4. Tunda sifili ba ya cikin wannan fili, ana iya cewa da ƙwarin gwiwa tallar ta yi aiki. Amma nawa ne aikin? A ce tallar ta isa ga mutum 500,000 kuma an kashe naira miliyan 9. Da maki 6, sababbin masu sanin sunan 30,000 ne, kowane ɗaya ya ci naira 300. Da maki 10.4 su 52,000 ne, kowane kusan naira 173. Da maki 1.6 kuwa 8,000 ne kacal, kowane ya ci naira 1,125. Gwaji ɗaya ne, amma ƙarshensa na sama riba ne, na ƙasa kuma wataƙila asara. Rahoton da ya kawo naira 300 ita kaɗai, ya ɓoye sauran biyun, bai gaya wa mai dukiya gaskiya duka ba.

Abin ya fi muni idan aka yi rowar tambaya. Da mutum 200 ne kawai suka amsa daga kowane rukuni, kuma kason ya fito daidai yadda yake, 40 da 46, iyakar kuskuren za ta kai kusan maki 10. Tazarar maki 6 ta nutse ke nan a cikin rawar adadi, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa ba sa'a ce kawai ba. Saboda alamar tushen murabba'i da ke cikin lissafin, wanda ke son rage kuskure zuwa rabi sai ya ninka masu amsawa sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya wannan gwaji cikin sauƙi, kuma shi ya sa shafukan da ke gudanar da shi kan gindaya mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe kafin su yarda. Haka nan sunan da kusan kowa ya riga ya sani ba shi da sauran filin hawa, don haka ƙarinsa kan yi ƙanƙanta har ya gagari gani.

Dole a faɗi sauran raunin wannan hanya, domin ba waliyyiya ba ce. Ana yin tambayar ne cikin 'yan kwanaki da ganin talla, lokacin da sunan ke sabo a kunne, kuma ba ta nuna ko zai kai wata uku. Masu amsa tambaya a waya ba lalle su yi kama da masu tsallake ta ba. Mutumin rukunin kwatance yana iya ganin tallar a wayar ƙaninsa, wanda hakan ke rage tazarar. Sannan sau da yawa mai sayar da gurbin tallar shi ne kuma mai auna ta, kamar ɗalibin da aka ba takardarsa ya yi wa kansa maki. Duk da haka, waɗannan raunuka ne da aka san inda suke, ana kuma iya rage su.

To, me ya hana a huta da wannan wahala a koma ga intanet? Tun shekarar 2006 kamfanin Google ya buɗe wani shafi mai suna Google Trends, inda kowa zai rubuta kalma ya ga yadda nemanta ke hawa da sauka a ƙasa kaza cikin lokaci kaza. Tunanin da ke bayan amfani da shi mai ma'ana ne: ba mai neman sunan da bai taɓa ji ba, kuma rubuta suna aiki ne da mutum ya yi da kansa, ba amsar da ya ba mai tambaya don ya rabu da shi ba. Amma akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba. Lambobin da shafin ke bayarwa ba yawan mutane ba ne. Ana ɗaukar wani samfuri na bincike, a auna kason kalmar a cikin dukkan binciken wannan wuri da lokaci, sannan a ba wa ranar da ta fi kowace yawa 100, sauran kuma a auna su da ita. Don haka 100 tana iya zama mutum ɗari biyar, tana iya zama miliyan biyar. Idan aka sauya tsawon lokacin da ake dubawa, dukkan lambobin sai su sauya. Kalmar da masu nemanta ba su da yawa kuma sai ta fito sifili, ko ta riƙa tsalle ba dalili.

Babbar matsalar ba ta nan ba ma. Jadawalin ba shi da gwangwani na biyu. Idan layi ya hau a makon da aka fara talla, ba abin da ke nuna yadda zai kasance da ba a yi tallar ba. Kamfanoni kuwa ba sa yin talla a lokacin da suka ga dama kawai, suna yin ta ne daidai lokacin da suka san kasuwa za ta buɗe. Mai sayar da madara ko sukari da ya yi talla a jajibirin azumi zai ga neman sunansa ya hau, amma da ya yi shiru ma zai hau. Kwatanta watan da irinsa na bara ma ba ya warware matsalar kai tsaye, tunda azumi na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara a kalandar Miladiyya. Sai an jera makonnin bisa kalandar Hijira kafin kwatancen ya yi ma'ana.

Girman kuskuren da rashin rukunin kwatance ke jawowa ya fito fili a wani bincike da Randall Lewis da Justin Rao da David Reiley suka wallafa a 2011, daga gwajin da suka yi a shafin Yahoo. Sun so su san ko ganin wata talla na sa mutane su nemi kalmomin da suka shafe ta. Da aka yi gwaji na gaskiya mai rukuni biyu, ƙarin ya fito kimanin kashi 5 cikin ɗari. Da aka bi hanyar da aka saba, wato kwatanta waɗanda suka ga tallar da waɗanda ba su gan ta ba ba tare da ƙuri'a ba, sai lissafi ya nuna ƙarin fiye da kashi 800. Dalilin mai sauƙi ne. Wanda ya daɗe a intanet a wata rana shi ya fi yiwuwa ya ci karo da talla, kuma shi ne dai ya fi yiwuwa ya nemi kowace irin kalma a ranar. Zamansa a gaban allo ne ya haifi abubuwan biyu, ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

Wani gwajin kuma ya nuna ko su wane ne masu rubuta sunan kamfani. A 2012 kamfanin eBay ya dakatar da biyan kuɗin tallar da ke fitowa idan an nemi sunansa a shafukan Yahoo da MSN. Masanan da suka bi diddigin abin, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun wallafa sakamakon a 2015: kusan dukkan mutanen sun ci gaba da isa shagon ta hanyar da ba a biya ba. Wato mafi yawan masu rubuta sunan tsofaffin abokan ciniki ne da ke amfani da shafin neman bayani a matsayin ƙofar shiga. Adadinsu yana nuna yawan masu hulɗa da kamfanin, ba yawan sababbin da suka ji sunansa ba. Kuma ba kowane nema ne alheri ba. Hajar da aka ce ta cutar da wani za ta ga nemanta ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2020 neman sunan giyar Corona haɗe da kalmar ƙwayar cuta ya hau sosai, ba don wata talla ba, sai don sunan ya yi karo da na annoba.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin tarnaƙi guda biyu. Na farko, wasu sunaye sun yi nasara har sun zama sunan jinsi. Yaron da aka aika sayen omo yana iya dawowa da kowane garin sabulu, haka magi da indomi. Wadda ta rubuta yadda ake dafa indomi da ƙwai ba lalle kamfanin take nufi ba, kuma wannan ruɗani yana shafar tambayar baki ma, sai an nuna hoton leda. Na biyu, ba a neman sabulun wanka a intanet yadda ake neman waya ko mota. Mai sauraron rediyo a ƙauye yana iya haddace waƙar talla tsaf, ya sayi hajar kowane mako, ba tare da ya taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba. Jadawalin bai san da zamansa ba, alhali shi ne kasuwar.

Wannan ba ya nufin a jefar da jadawalin. Yana da amfani idan aka san matsayinsa. A 2020 wani masanin talla ɗan Birtaniya, Les Binet, ya gabatar da wata dabara da ke rage wasu daga cikin matsalolin. A maimakon duba suna ɗaya shi kaɗai, sai a haɗa dukkan abokan gasa, a raba neman sunan kamfani da jimlar neman dukkansu. Idan sabulu uku suka sami 20 da 50 da 30 a jadawali ɗaya, na farko yana da kashi 20 cikin ɗari. Idan azumi ko salla ta ɗaga kowa, kason ba ya motsi, sai fa in ɗaya ya tsere wa sauran. Binet ya gwada wannan a kasuwar motoci da wayoyin hannu da makamashi, ya ga cewa kason nema kan bi sahun kason kasuwa, wani lokaci ma ya riga shi motsawa. Amma ana karanta shi ne a matsakaicin watanni da yawa, ba mako-mako ba, kuma ko a hakan alama yake bayarwa, ba ya tabbatar da cewa talla kaza ce ta jawo.

Hanya mafi inganci ita ce a shigar da neman suna cikin gwajin kansa. Idan rukunan biyu na ƙuri'a suna nan, ana iya ƙirga masu neman sunan a kowanne, kamar yadda aka yi a Yahoo, sai adadin ya zama hujja. Idan hanyoyin biyu suka saɓa kuma, saɓanin kansa labari ne. Tambaya ta nuna ƙari amma nema bai motsa ba: wataƙila haja ce da ba a nemanta a intanet, ko kuwa an ji sunan amma bai tayar da sha'awa ba. Nema ya hau amma tambaya ba ta nuna komai ba: sai a duba ko yanayi ne, ko wani labari ya ɓulla, ko tsofaffin abokan ciniki ne ke kai-komo.

Ga kamfanin da tallarsa ta rediyo ce, inda ba a iya hana mutum ɗaya ji a bar maƙwabcinsa, ana yin ƙuri'ar ne a kan garuruwa. A jera garuruwa masu kama da juna biyu-biyu, a jefa kwabo a kan kowane biyu don a san wanda za a yi wa talla, sannan a yi tambayar baki a duka kafin farawa da bayan gamawa. Gari ɗaya da gari ɗaya bai isa ba, domin gobarar kasuwa ko zuwan sabon dillali a ɗayansu zai iya rushe kwatancen, sai an sami garuruwa da dama a kowane ɓangare. Dole kuma a duba nisan da tashar ke kaiwa kafin a ja layi, domin tashar da ke Kano ana kama ta a wasu sassan Jigawa da Katsina, kuma direban da ya ji tallar a Kwanar Dangora da safe yana iya kwana a garin da aka ware don kwatance.